CV ɗina da shafina na LinkedIn sun saɓa wa juna, ga shi kuma za a bincika

Tambaya:

Assalamu alaikum. Na wuce intabiyu ta biyu a wani kamfani, sun aiko mini fom ɗin binciken tarihin aiki, sai jami'ar ɗaukar ma'aikata ta rubuto cewa ta ga bambanci tsakanin CV ɗina da shafina na LinkedIn. A shafin na rubuta ni manajar sashen sayen kaya ce a tsohon kamfanina daga Yuli 2018 zuwa Maris 2024. A CV kuma na rubuta jami'ar sayen kaya daga 2019, manaja daga 2021 zuwa 2023. Ainihin abin shi ne na shiga a Yuli 2018 ta hannun kamfanin samar da ma'aikata, aka ɗauke ni kai tsaye a Maris 2019, na fara riƙon sashen a Afrilu 2021, takardar ƙarin girma ta fito a Janairu 2022, na bar aikin a Nuwamba 2023, na kama wanda nake yi yanzu a Maris 2024. Akwai kuma ragin kuɗin sayayya da na ce kashi 15 ne a CV, kashi 25 a LinkedIn. In yi maza in gyara shafin ya dace da CV ɗin kafin in ba ta amsa?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki taɓa shafin tukuna. Ta riga ta gani, kuma wanda aikinsa duba masu neman aiki ne yakan ajiye abin da ya gani, ko ta hoton allo ko ta sauke shafin gaba ɗaya. Idan ta koma gobe ta tarar komai ya canza ba tare da kin ce uffan ba, abin da zai zo mata a rai shi ne an kama ki kin share sawu. Amsa ce farko, gyara ya biyo baya, kuma ki faɗa mata a cikin amsar cewa za ki gyara.

Amma akwai abin da ya fi wannan girma. Ko da kin mayar da shafin ya zama tagwayen CV, ba ki tsira ba, domin shi ma CV ɗin akwai gyara a jikinsa. Mai bincike ba tsakanin takardunki biyu yake yanke hukunci ba. Akwai takarda ta uku da ba a hannunki take ba, wato fayil ɗinki da ke ofishin kula da ma'aikata na tsohon kamfanin, kuma da ita za a auna sauran biyun. Yadda abin ke tafiya shi ne, kamfanin da zai ɗauke ki, ko wani kamfanin bincike da ya ɗauka haya, zai aika imel ko ya buga waya can ya tambayi ranar da kika fara, ranar da kika bari, da muƙamin da ke rubuce. Kamfanoni da yawa ba sa ƙara komai a kan waɗannan ukun. Wanda zai amsa ma wataƙila bai taɓa ganin fuskarki ba, fayil zai buɗe ya karanto abin da ya tarar. Bai san kin riƙe sashe wata tara kafin takarda ta fito ba, kuma ba zai tsaya ba da labari ba. Saboda haka aikin da ke gabanki shi ne ki kawo CV da LinkedIn da fom ɗin, su ukun, su tsaya a kan abin da fayil ɗin zai faɗa.

Yau ɗin nan, kafin ki rubuta wa kowa komai, ki tattaro takardunki ki baza su a gabanki: kwantiragin kamfanin samar da ma'aikata, takardar kama aiki ta Maris 2019, takardar ƙarin girma, takardar amincewa da ajiye aiki, da takardun albashi na wata na farko da na ƙarshe. Idan wata ta ɓata, ki duba tsohon imel ɗinki da bayanan asusunki na banki, don ranar da albashin farko ya shigo da sunan wanda ya biya shi hujja ce mai ƙarfi. Daga cikinsu ki fitar da jeri guda ɗaya, kowane layi da sunan wanda ya biya ki albashi, muƙamin kamar yadda aka rubuta shi harafi da harafi, watan farawa da watan gamawa. Bisa abin da kika bayar, layi uku zai fito a tsohon wurin. Na farko Yuli 2018 zuwa Fabrairu 2019, a ƙarƙashin kamfanin samar da ma'aikata. Na biyu Maris 2019 zuwa Disamba 2021, jami'ar sayen kaya. Na uku Janairu 2022 zuwa Nuwamba 2023, manajar sashe. Wannan jerin shi ne uwa, daga shi za ki riƙa kwafa zuwa ko'ina, kuma ba a sake kwafar CV daga LinkedIn ko LinkedIn daga CV.

Yanzu ki dubi shafin naki da idon jami'ar. LinkedIn yana lissafa tsawon aiki da kansa ya rubuta shi kusa da kwanan watan, yana ƙirga watan farko da na ƙarshe duka. Abin da ta gani ke nan shi ne manaja ta shekara 5 da wata 9. Abin da fayil zai ce kuwa shekara 1 da wata 11 ne. Ko an haɗa da wata taran riƙo, shekara 2 da wata 8 ya kama. Wannan ratar ce ta sa ta rubuto miki, kuma idan tallar aikin ta nemi wanda ya shekara uku yana shugabantar sashe, to ratar ta faɗa daidai kan sharaɗin da aka tantance ki da shi. Yana da kyau ki san haka kafin ki amsa, don kada ki ɗauki abin da wasa alhali ita ba ta ɗauke shi da wasa ba.

Mun san yadda irin wannan ke faruwa ba tare da mugun nufi ba. An ƙara wa mutum girma, sai ya shiga tsohon gurbin aikinsa a shafin ya goge muƙamin da ya sa sabo, ya bar ranar farawa yadda take. Nan take sabon muƙamin ya haɗiye duk shekarun baya. Abin da ya kamata a yi shi ne a rufe tsohon gurbin da watan da ya ƙare, a buɗe sabo a ƙarƙashin kamfanin guda. Idan kin zaɓi sunan kamfanin iri ɗaya daga jerin da ke fitowa lokacin da kike rubutawa, shafin zai jera muƙaman biyu ƙarƙashin tambari ɗaya, ana ganin hawan da kika yi. Wannan ma ya fi yi miki talla, domin mai ɗaukar ma'aikata ya fi son ganin wadda ta shiga jami'a ta fito manaja a kan wadda ta zauna a kujera ɗaya kusan shekara shida. Ranar barin aikin ita ma haka take samuwa: ba a rufe tsohon gurbi ba sai ranar da aka zo saka sabon aiki, sai watan rufewar ya zama watan sabon aikin. Sakamakonsa shi ne wata ukun da kika yi ba aiki, Disamba da Janairu da Fabrairu, sun ɓace daga shafin. Wata uku a gida ba abin kunya ba ne, ba wanda zai hana ki aiki a kansa. Amma idan ya bayyana an shafe shi, sai a fara tambayar me ake ɓoyewa.

Maganar riƙon sashe ita ce inda ya fi dacewa mu daɗe, don nan ne masu gaskiya suka fi tuntuɓe. Kin yi aikin manaja tun Afrilu 2021, wannan ba ƙarya ba ce, kuma zalunci ne a ce ki binne shi. Sai dai gurbin muƙami na abin da takarda ta ce ne, bayanin da ke ƙarƙashinsa kuma na abin da hannunki ya yi ne. Ki bar muƙamin jami'ar sayen kaya har zuwa Disamba 2021, sannan layin farko a ƙarƙashinsa ya ce kin riƙe shugabancin sashen daga Afrilu zuwa Disamba 2021, kina kula da ma'aikata kaza, kina amincewa da odar sayayya, har aka tabbatar miki da muƙamin. Da wannan kin faɗi duk abin da kike so a sani, kuma babu kalma ɗaya da ofishin ma'aikata zai ƙaryata. Idan kuwa akwai wasiƙa ko imel na hukuma da ya naɗa ki muƙaddashiya, kina iya ba shi gurbinsa daban da kalmar muƙaddashiya a fili, ki ajiye wasiƙar kusa don ranar da za a nema. Idan da baki kawai aka ce ki riƙe, ki tsaya a kan hanyar farko.

Wata takwas ɗin farko kuma ba na tsohon kamfanin ba ne a takarda, ko da a ofishinsu kika zauna kullum. Wanda ya biya albashi shi ne ya ɗauke ki aiki. Idan aka tambayi tsohon kamfanin, za su ce Maris 2019 kika fara, domin kafin nan ba ki cikin jerin ma'aikatansu. Ki rubuta sunan kamfanin samar da ma'aikatan a matsayin wanda ya ɗauke ki, ki ƙara cewa an tura ki aiki kamfani kaza. A LinkedIn akwai gurbin Employment type, ki zaɓi Contract a wannan layin. A fom ɗin bincike ki ba su lambar kamfanin da ya tura ki ko adireshin imel ɗinsa, don can za a samu shaidar waɗannan watannin.

Shawararmu a kan CV ita ce ki daina rubuta shekara tsirara, ki sa wata da shekara a kowane aiki. Wanda ya karanta 2021 zuwa 2023 bai san ko wata 14 ake nufi ba ko wata 36, kuma duka biyun suna iya zama. Masu ɗaukar ma'aikata sun san mutane na fakewa da wannan, don haka ko ba ki yi nufin komai ba sai su sa alamar tambaya. Idan kuma bambancin wata ɗaya ne tak, misali kin daina zuwa ofis a ƙarshen Oktoba amma ragowar hutunki ya kai kwantiragin zuwa Nuwamba, ki bi ranar da ke cikin takardar amincewa da ajiye aiki. Irin wannan yawanci jimla ɗaya ke warware shi.

Sai kashi 15 da kashi 25. Kada ki zaɓi ɗaya don ya fi daɗin ji, kuma kada ki tsaya a tsakiya ki ce 20. Ki koma ki gano daga ina kowanne ya fito, domin sau da yawa duka biyun gaskiya ne amma abu biyu suke aunawa. A ce sashenku ya kashe miliyan 200 a shekarar da ta gabaci zuwanki kan kujerar, ya kashe 170 a shekarar da ta biyo. Ragin 30 ne a cikin 200, kashi 15 ke nan. A ce kuma a cikin wannan akwai kuɗin kwali da ledar naɗe kaya da ya sauko daga 40 zuwa 30 bayan kin sake cinikin kwantiragi da masu kawo kaya. Ragin 10 ne a cikin 40, kashi 25. Idan haka labarin yake, laifin jimlar ce da ba ta faɗi abin da aka rage ba. Sai ki rubuta ta cikakkiya, da abin da aka rage, da nawa, da tsakanin wace shekara da wace, ki sa ta iri ɗaya a duka wuraren. Ki kuma duba wani kuskure da ake yawan yi, wato raba ragin da sabon adadi maimakon tsohon. Abin da ya sauko daga 100 zuwa 80 ya ragu da kashi 20 ne, amma wanda ya raba 20 da 80 zai samu 25 ya rubuta da zuciya ɗaya. Idan kin yi iya ƙoƙarinki ba ki tuna asalin lissafin ba, ki cire adadin gaba ɗaya ki faɗi abin da kika yi: kin sake cinikin kwantiragi da masu kawo kaya guda nawa, kuɗin ya ragu. Ofishin ma'aikata ba ya tabbatar da irin wannan adadi, amma tsohon shugabanki na iya yi idan shi ne mai ba da shaida, kuma a intabiyu ta gaba ana iya cewa ki bayyana yadda kika kai gare shi. Adadin da ba za ki iya warware lissafinsa a minti ɗaya ba kaya ne a kanki.

Kada ki fahimci wannan a matsayin dole takardun biyu su zama kwafin juna. CV kan gajarta, ana kuma sake masa fasali don kowane aikin da ake nema, LinkedIn kuwa ɗaya ne ga kowa. Ba laifi wani ƙaramin aiki na da can ya fito a shafin bai fito a CV ba. Ba laifi kuma adadin kuɗi ya fito a CV kaɗai, don shafin a bainar jama'a yake, kuma sirrin tsohon kamfani bai kamata ya zauna a can ba. Rashin ambato daban, saɓani daban. Abin da ba ya jure bambanci shi ne sunan kamfanin da ya ɗauke ki aiki, muƙami, kwanan wata, takardun karatu da shekarunsu, da duk adadin da ya fito a wuri biyu. Fom ɗin bincike ne kaɗai ba a tsallake komai a cikinsa idan ya ce a lissafo duk ayyukan shekaru kaza. A ƙasansa akwai inda za ki sa hannu cewa abin da kika rubuta gaskiya ne, kuma da wannan sa hannun ake janye tayin aiki, ko a sallami mutum bayan ya riga ya kama. Girman kujera ba ya kare kowa daga wannan. A 2012 Scott Thompson ya sauka daga shugabancin Yahoo bayan kimanin wata huɗu, saboda bayanin da aka wallafa a kansa ya ce yana da digiri a kimiyyar kwamfuta alhali na akanta ne kawai. Tunda kin zo kan takardu, ki duba gurbin karatunki ma. Shekarar gama jarrabawa da shekarar da ke jikin satifiket ba kullum suke zama ɗaya ba, kuma ta jikin satifiket ce makaranta za ta tabbatar.

Amsar da za ki aika wa jami'ar kada ta wuce sakin layi biyu, kuma ta tafi cikin kwana ɗaya. Ga yadda za ta iya kasancewa, sai ki mayar da ita harshen da kuke magana da shi:

“Na gode da kika ja hankalina. Na koma kan takarduna, kuma ga yadda tarihin yake: Yuli 2018 zuwa Fabrairu 2019 ta hannun kamfanin samar da ma'aikata, Maris 2019 zuwa Disamba 2021 jami'ar sayen kaya, inda na riƙe sashen daga Afrilu 2021, sannan Janairu 2022 zuwa Nuwamba 2023 manajar sashe. A LinkedIn na sa muƙamin ƙarshe a kan dukan lokacin kuma ban rufe gurbin a watan da ya dace ba, a CV kuma na ƙirga lokacin riƙo cikin na manaja. Kuskurena ne. Na haɗo gyararren CV, zan gyara shafin yau, kuma takardun suna hannuna idan kuna so ku gani.”

Ki ƙara jimla ɗaya a kan adadin bayan kin gano asalinsa. Ki lura a cikin wannan amsa kin fito da kuskuren CV ɗin da kanki, wanda wataƙila ita ba ta ma gano ba tukuna. Da gangan muka sa shi. Binciken zai tono shi ko ba jima ko ba daɗe, kuma gara ta ji daga bakinki. Ban da doguwar ba da haƙuri, ban da ɗora wa manhaja laifi. Ba za mu yi miki alkawarin cewa aikin na nan daram ba: idan shekarun shugabanci sharaɗi ne da ba sa sassautawa, suna iya sake dubawa. Amma gyaran da ya zo daga gare ki kafin sakamakon bincike ya iso yana barin ƙofa a buɗe, wanda ya zo bayansa kuwa da wuya ya yi amfani.

Bayan imel ɗin ya tafi sai ki zauna kan shafin. Tunda kina da aiki a hannu yanzu, ki fara shiga Settings & Privacy, sannan Visibility, ki kashe Share profile updates with your network, don kada abokan aikinki su ga sanarwar sabon muƙami su fara taya ki murna a kan aikin 2022. Ki gyara guraben, sannan ki duba layin da ke ƙarƙashin sunanki da sashen About, domin nan ne jimloli irin su “shekara shida ina shugabantar sashe” ke maƙalewa bayan an gyara ko'ina. Daga nan ki sauke shafin ta Save to PDF, ki buga shi a takarda tare da CV da fom ɗin, ki ajiye jerin nan naki a gefe, ki bi layi-layi da biro. A allo ido yakan tsallake, a takarda 2021 da 2022 ba sa ɓuya. Ki tuna kuma da tsofaffin CV da kika taɓa ɗorawa ta Easy Apply na LinkedIn ko a wasu shafukan neman aiki. Suna nan a ajiye, kuma dannawa ɗaya ta isa ta aika tsohon zuwa kamfani na gaba, don haka ki goge su ki ɗora sabon.

Saura mai ba da shaida. Ki kira tsohon shugabanki kafin su kira shi, ki aika masa gyararren CV, ki tuna masa watan da kika fara riƙon sashen da yadda lissafin ragin ya kasance. Ba roƙonsa za ki yi ya faɗi abin da bai sani ba, tuni kawai za ki yi masa, don shekaru sun wuce kuma mutum na iya cewa 2022 da zuciya ɗaya a inda ke kika ce 2021. Shi ne kaɗai zai iya tabbatar da wata taran nan da fayil bai san da su ba. A fom ɗin kuma, idan akwai inda ake tambayar ko a tuntuɓi wurin aikinki na yanzu, ki ce a jira sai tayin aiki ya zo a rubuce, ki ba da takardar kama aiki ta Maris 2024 da takardar albashi ta baya-bayan nan a madadinsa.